Me ya sa auduga da ulu ke tsukewa a wanki, kuma ko za a iya mayar da su yadda suke?

"Assalamu alaikum. Na haɗa rigar sanyi ta ulu ta maigidana da wata rigarsa ta auduga mai gajeren hannu na wanke a injin wanki da ruwan zafi, na kuma busar da su a injin busarwa. Ta audugar ta ɗage, da ƙyar take rufe masa ƙugu. Ta ulun kuwa ta ƙanƙance ta yi kauri, sai ka ce ta yaro. Me ya jawo haka, kuma akwai dabarar da zan mayar da su?"

Wa alaikumus salam, Malama. Rigar audugar akwai abin da za a iya yi mata, ko da yake ba mai ɗorewa ba ne. Ta ulun kuwa sai kin duba ta da kyau tukuna, domin akwai matakin da idan ulu ya kai ba ya dawowa, ko me aka jiƙa shi a ciki. Wanki ɗaya suka sha, amma abin da ya sami kowacce daban ne, shi ya sa maganinsu ma ya bambanta.

Auduga: tsayin da kika saya na aro ne

Tun daga kaɗi har zuwa ɗinki, zaren auduga a cikin ja yake. Ana jan sa wajen kaɗi, ana ɗame shi a kan masaƙa, musamman zaren tsaye wanda ke bin tsawon yadi, sannan bayan rini da wanki a masana'anta a sake miƙe yadin a busar da shi yana ɗame. Idan auduga ta bushe a miƙe, a haka take daskarewa, domin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi silin audugar suna riƙe juna a duk inda bushewa ta same su. To rigar da ke rataye a kanti ta fi ainihin tsayinta da 'yan santimita, kuma babu abin da ke riƙe da wannan ƙari sai rashin shiga ruwa.

Auduga na son ruwa ƙwarai. Da ya shiga cikin silin sai wancan riƙon ya saki, zaren ya koma inda yake so ya zauna. Bayan haka akwai abu na biyu: silin yakan kumbura ya yi kauri, amma tsayinsa kusan ba ya ƙaruwa. A yadin da aka saƙa a masaƙa, zaren tsaye hawa yake yi yana sauka, ya bi ta kan zaren gicciye, ya bi ta ƙarƙashin na gaba. Idan zaren gicciyen ya kumbura, hanyar da na tsaye zai bi ta ƙaru, alhali shi bai ƙara tsayi ba, dole ya jawo zarurrukan gicciye su matso kusa da juna. Yadin ya gajarce ke nan. Idan ya bushe kumburin yakan sace, amma zarurrukan ba sa komawa wurarensu na da. Wannan ne dalilin da ya sa wando ya fi ɗagewa ta ƙafa fiye da matsewa ta ƙugu.

Rigar maigidanki, yadda kika bayyana ta, mai talewa ce, irin wadda aka saƙa da madaukai, kowane madauki ya saƙalo na ƙasa da shi. A masana'anta akan ja waɗannan madaukai su yi tsawo su sirance. A wanki sai su koma zagaye, rigar ta rage tsayi, wani lokaci ma ta ɗan ƙara faɗi. Ki shimfiɗa ta kusa da wata irinta da ba ta sha wannan wankin ba, mai yiwuwa ki ga faɗin bai ragu kamar tsayin ba.

Mutane da yawa zafi kaɗai suke ɗora wa laifi, kuma ban yarda da hakan gaba ɗaya ba. Dutsen guga yakan kai digiri 200 a kan auduga, ba ta tsukewa. Ruwan zafi gaggauta sakin zaren yake yi, abin da zai faru a wanki uku da ruwan sanyi ya faru a wanki ɗaya. Babban mai laifi shi ne jujjuyawar injin busarwa. Rigar tana tashi tana faɗuwa ɗaruruwan sau daidai lokacin da danshi ke barinta, kowace faɗuwa tana ba madaukai damar matsowa, har su bushe a matse iyakar matsewa. Da a ce shanya ta kika yi, da nauyin ruwan da ke jikinta ya ɗan ja ta ƙasa, raguwar ba za ta kai haka ba.

A ɗakin gwajin yadi, inda nake aiki, abin da muke yi mai sauƙi ne. Mukan sa alamomi biyu da tawadar da ba ta fita, tsakaninsu santimita 50, ta tsaye da ta gicciye, a wanke, a busar, a bar yadin ya huta a shimfiɗe, a sake aunawa. Idan 50 ta koma 47.5, raguwar kashi 5 cikin ɗari ce. Kashi 5 ba ya da yawa a kunne, amma a riga mai tsayin santimita 70 ya cinye uku da rabi, kuma uku da rabi sun isa su fito da ƙugu waje. Auduga ta yau da kullum takan rage kashi 3 zuwa 5, yadin jins da ba a yi masa komai ba yana iya kaiwa kashi 10. Mafi yawan raguwar a wankin farko take faruwa, sauran ta biyo a wanki biyu ko uku na gaba, daga nan ta tsaya.

Masana'antu sun san wannan tun da daɗewa. A 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya yi rajistar dabarar da ake jiƙa yadi a matse shi ta tsawo a kan wani kakkauran bel kafin a sayar, wato a tsuke shi tun a masana'anta. Yadin da aka rubuta wa Sanforized ba a sa ran ya rage fiye da kashi 1 cikin ɗari. Haka ma audugar da aka gauraya da foliyesta ba ta cika tsukewa ba, domin foliyesta kusan ba ta shan ruwa.

Yadda za ki ja ta audugar

Tunda ruwa ne ya saki zaren, ruwa ne kuma zai ba ki damar sake miƙe shi. Ki auna tsayin rigar daga kafaɗa zuwa ƙasa, ki rubuta. Ki jiƙa ta a ruwa mai ɗumi kamar minti 20, ta sha sosai. Ki matse ruwan da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ki naɗe ta a tawul ki danna, sannan ki shimfiɗa ta a wuri mai lebur. Ki dafe ƙirjin rigar da hannu ɗaya, ki ja ƙasa da ɗayan, kaɗan kaɗan, kina matsawa daga gefe zuwa tsakiya zuwa ɗaya gefen, don kada bakin rigar ya karkace. Kada ki kama wuya ki ja, wuyan da ya saki ya fi gajeriyar riga muni. Idan kin kai inda kike so, ki danne kafaɗa da bakin rigar da wani abu mai nauyi mai tsabta har ta bushe. In kuma da sauran danshi kika bi ta da guga mai tururi kina ja ta tsaye, za ki ƙara samun wani abu.

A ce 70 ta koma 66. Santimita biyu ko uku za su iya dawowa ba tare da wahala ba. Amma ki sa ido a kan faɗi, domin a saƙar madaukai duk abin da tsayi ya samu daga faɗi ya karɓo shi. Idan kin ga gefen rigar ya fara lanƙwasa ciki kamar ƙugu, ki tsaya. Yadin masaƙa, irin na riga mai maɓalli, ba ya bayar da kai kamar haka, santimita ɗaya ko biyu a hannu ko a jiki ya isa a gode. Wata alama da za ki iya gani ita ce ɗinki ya tattare ko zif ya yi tudu da kwari. Zaren ɗinki da bakin zif galibi na foliyesta ne, ba su rage ba, yadin da ke gefensu ne ya rage. Guga da danshi tana gyara wannan sosai.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, aikin da masana'anta ta yi kika maimaita: kin busar da auduga a miƙe. Ranar da ta sake shiga ruwa za ta sake komawa. Don haka jan zai zama wani ɓangare na kowane wanki, a ja ta tana da danshi, a shanya, a guje wa injin busarwa. Minti biyu ne, kuma rigar za ta ci gaba da sawuwa.

Ulu: gashi ne, kuma gashi yana da ƙaiƙayi

Ulu gashin tumaki ne, dangin gashin kanki. Idan aka duba silinsa da madubin ƙara girma, za a ga jikinsa lulluɓe da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na jikin kifi, duk bakunansu suna fuskantar tsinin gashin. Ki gwada da silin gashi ɗaya mai ɗan tsawo: ki ja shi tsakanin yatsu biyu daga tushe zuwa tsini, za ki ji santsi, ki juya daga tsini zuwa tushe, za ki ji yana ɗan turjewa. Ki kuma murza shi gaba da baya tsakanin babban yatsa da manuniya, za ki ga yana tafiya gefe ɗaya kawai, wajen tushe. Duk matsalar ulu tana cikin wannan tafiya.

A jikin tunkiya gashin duka gefe ɗaya yake kallo, shi ya sa ruwan sama ba ya ƙanƙantar da shi. Amma bayan an sausaye shi an kaɗa, silin sun cakuɗe, wani tushensa sama, wani ƙasa. Idan ulu ya jiƙe, silin yakan kumbura ya yi laushi, bakin ɓawon ya ɗan ɗaga. Sabulu yana ƙara masa santsi, zafi yana ƙara masa lanƙwasuwa. Sai motsi ya zo. Duk juyawar da inji ya yi, kowane sili yakan matsa kaɗan wajen tushensa, ya kasa komawa baya saboda ɓawon maƙwabcinsa ya tare shi. Juyi bayan juyi, silin suna kutsawa cikin juna, suna fita daga zarensu suna shiga na kusa, suna lanƙwashewa suna ɗaurewa. Iskar da ke tsakaninsu ta fice. Rigar ta rage tsayi da faɗi, ta ƙara kauri, domin ulun da ke cikinta bai ragu ko kaɗan ba, cukuikuyewa ya yi.

A nan ma motsi ya fi zafi ɓarna. Masu rini suna dafa ulu a ruwan da ya kusa tafasa, ya fito lafiya, muddin ba a dama shi ba. Kuma ulu yana iya cukuikuyewa a ruwan sanyi idan aka cuɗa shi da ƙarfi aka daɗe. Abin da ya sami rigar maigidanki shi ne duk sharuɗɗan sun haɗu a lokaci ɗaya: ruwa, sabulu, zafi, doguwar jujjuyawa, ga kuma wata riga da take gogarta, sannan injin busarwa ya ƙarasa. Ba laifi ba ne a yanayin ulu, da gangan ake yin haka a masana'anta idan ana son kakkauran yadin kwat ko bargo ko hula wadda iska ba ta ratsawa. Bambancin kawai su sun san lokacin tsayawa.

Ulun da aka rubuta wa Superwash an riga an dakushe masa ɓawon, yawanci da sinadarin kulorin, an kuma shafe silin da wani siririn rufi don ya zame gaba da baya daidai. Shi ne ake iya sawa a inji. Ki kuma duba 'yar takardar da ke cikin rigar, domin rigunan sanyi da yawa na akirilik ne, zaren roba, wanda ba ya cukuikuyewa. Amma kaurin da kika ambata ya nuna naki ulu ne na gaske.

Yadda za ki gane ko akwai sauran fata

Ulu ma yana da irin raguwar auduga, wato sakin jan da aka yi masa a masana'anta, kuma wannan tana gyaruwa. Aikinki na farko shi ne ki gane wacce ce ta fi yawa a rigar. Ki kai ta wuri mai haske ki dubi saƙar. A rigar sanyi mai lafiya za ki ga madaukan a jere, layi layi, kowanne a fili. Ki ɗaga ta wajen taga, haske zai ratso ta ƙananan ramuka. Ki ja ta da hannu biyu, za ta tale ta koma.

Idan duk waɗannan suna nan, rigar ta ɗan matse ne kawai, za ta dawo kusan yadda take. Idan madaukan suna ganuwa amma gashi ya fara rufe su, tana talewa amma da ɗan tauri, cukuikuyewar ta fara, za ki iya samun wani abu amma ba duka ba. Idan kuwa layukan sun ɓace, fuskar ta zama shafe kamar ba a saƙa ta ba, haske ba ya ratsawa, kin ja ta ƙi motsi, to aikin gama ya gama. Ki duba hammata da bakin hannu da farko, nan ne abin ya fi tsanani.

Awo ma zai taimaka. A ce faɗin ƙirjin rigar a shimfiɗe santimita 55 ne a da. Idan yanzu 52 ne, da sauƙi. Idan 49 ko 50 ne, ki gwada, kina iya kai ta 52 ko 53, ta sawu ko da ta ɗan kama jiki. Idan ta koma 40, ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ban taɓa ganin wadda ta dawo daga nan ba. Maganarki cewa ta zama kamar ta yaro ta sa ina jin tsoron nan take, amma ban riƙe ta a hannuna ba, idonki ne zai yanke hukunci.

Idan ta cancanci gwaji

Ki zuba ruwa kamar lita biyar a roba, mai ɗumin da bai wuce digiri 30 ba, wanda hannu zai ji shi salam. Ki narkar da cokali biyu na man laushin gashi, irin wanda ake shafawa bayan an wanke kai. Ki nutsar da rigar, ki danna ta a hankali ta sha, ki bar ta rabin awa ba tare da cuɗawa ba. Man ba ya kwance abin da ya ɗaure. Santsi yake sa wa silin, don waɗanda ba su riga sun sarƙe ba su zame idan an ja su maimakon su tsinke. Duk wanda ya ce miki wani ruwa, ko da na tsami ne, yana narkar da cukuikuyewa, ya faɗi abin da ya wuce gaskiya.

Ki tsiyaye ruwan, ki ɗauko rigar a dunƙule da hannu biyu, kada ki ɗaga ta ta kafaɗa, domin jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi kuma ƙarfinsa ya ragu. Ki naɗe ta a tawul ki danne ruwan. Ki shimfiɗa busasshen tawul, ki ɗora wata rigar da ta yi wa maigidan daidai ki sa alamar gefunanta, don ki san inda kike nufa. Sannan ki fara ja, tafin hannu biyu a shimfiɗe a kan rigar, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, kina buɗawa a hankali. Ki matsa gaba, ki maimaita, daga tsakiya zuwa gefe, faɗi sannan tsayi, hannaye daga baya. Ki zagaya rigar sau da yawa kina samun kaɗan kaɗan, ya fi ki fizga sau ɗaya. Ki kafe gefunan da allurai marasa tsatsa, kusa kusa, don kada bakin ya fito da tsini a wurin kowace allura. Bayan awa ɗaya ko biyu, tana da sauran danshi, ki sake bi ki ƙara ja. Ki bar ta a inuwa, nesa da wuta, har ta bushe sarai, abin da zai iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu.

Akwai alamun da ke cewa a dakata. Idan kin ji wani ɗan ƙara kamar ana yage takarda a hankali, sili ne ke tsinkewa. Idan wani wuri ya sirance har kina ganin tawul ta cikinsa alhali na kusa da shi yana nan da kaurinsa, to wurin da bai cukuikuye ba ne ke ɗaukar jan duka, kuma rami ne zai biyo baya. Rigar da aka tilasta wa haka takan fito da tudu da kwari, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma ba ta da laushin da aka saye ta dominsa.

In ta ƙi, ulun bai zama shara ba. Tunda silin sun riƙe juna, ana iya yanka shi da almakashi bai warware ba, kuma ya fi da riƙe ɗumi. Tela zai iya fitar da rigar yaro ko hula ko safar hannu daga cikinsa.

Wata rigar ulun kuwa, ki wanke ta ita kaɗai, da hannu, a ruwan da bai wuce digiri 30 ba, da sabulun ruwa na ulu ko na wanke gashi. Garin sabulu na yau da kullum ya yi mata kaifi, wasu ma suna ɗauke da sinadarin da ke cin tabon jini da maiƙon jiki, wanda yake cin ulun shi ma a hankali, bilic kuwa narkar da shi yake yi. Ki danna, ki saki, kada ki cuɗa, ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi iri ɗaya. Idan dole sai inji, ki zaɓi tsarin ulu, wanda gangar ke ɗan lilo kawai tana hutawa. Gajeren juyin matse ruwa na ƙarshe bai cika yin ɓarna ba, domin gudun yana manne rigar a jikin ganga, ba ta samun damar gogar komai. Daga nan ki shimfiɗa ta a tawul, ki daidaita ta da awonta, ki bar ta ta bushe a kwance.